Yadda Ake Karanta Limit a Giraf Mai Huda, Tsalle da Asimtot na Tsaye

Yawancin kuskuren da ɗalibai ke yi a wannan babi na kalkulas daga wuri ɗaya yake tasowa: an tambaye su inda layin giraf ya dosa, su kuma sai su faɗi inda aka ɗiga ɗigo. Limit ba ruwansa da abin da ke faruwa a kan lambar da ake magana. Abin da yake tambaya shi ne, yayin da x ke matsowa kusa da wata lamba, mu kira ta a, wace ƙima ce y ke dosa? Ko akwai ɗigo a wurin, ko babu, ko an kai ɗigon can wani wuri daban, duk wannan wata tambaya ce da ake amsawa daban.

Saboda haka duk inda giraf ya sami matsala, tambayoyi uku ake yi, kuma a jere. Ina layin ya dosa idan an taho ta hagu? Ina ya dosa idan an taho ta dama? Sannan a ƙarshe, mece ce ƙimar fankshan ɗin a kan lambar kanta? Ga yadda ake rubuta su:

```
lim x→a⁻ f(x)
lim x→a⁺ f(x)
f(a)
```

Na farko limit ɗin hagu ne, na biyu na dama, na uku kuma ƙimar fankshan. Idan aka rubuta lim x→a f(x) ba tare da wata alama a saman a ba, ana nufin ɓangarorin biyu gaba ɗaya, kuma wannan limit yana samuwa ne kawai idan hagu da dama sun dosa lamba ɗaya. Tambaya ta uku ba ta da hannu a cikin wannan hukunci ko kaɗan.

Dabarar rufe wurin

Kafin ka karanta komai, ɗauki fensir ko bakin rula ka ɗora shi a tsaye a kan x = a, yadda zai rufe duk wani ɗigo ko da'ira da ke kan wannan layi. Abin da ya rage kana gani, wato giraf ɗin hagu da na dama, shi kaɗai ne limit ke aiki da shi. Daga nan ka sa yatsan hannun hagu a kan layin giraf ta hagu, ka bi shi a hankali zuwa ga fensirin. Idan ka kusa taɓa fensirin sai ka tsaya, ka waiwaya ga layin y, ka karanta ƙimar da ke daidai da inda yatsan yake shirin sauka. Ka yi haka da yatsan dama. Amsar limit kullum a layin y ake karanto ta. Lambar a tana cikin tambaya ne, ba ita ce amsa ba, kuma akwai masu yawa da ke rubuta ta a matsayin amsa don kawai idonsu na kanta.

Sai ka gama da ɓangarorin biyu sannan ka ɗaga fensirin. A lokacin ne za ka duba ɗigo. Baƙin ɗigo, wanda aka cike cikinsa, yana nufin wurin na cikin giraf, kuma shi ne f(a). Da'irar da aka bar cikinta fari tana nufin layin ya zo har bakin wurin amma wurin kansa ba ya ciki.

Giraf ɗin da za mu yi aiki da shi

Zai fi kyau ka zana wannan da hannunka a takarda mai layin murabba'i, domin duk abin da zai biyo baya a kansa za a yi.

```
f(x) = x − 2       idan x < 1, x ≠ −2
f(−2) = 1
f(x) = 4/(3 − x)   idan x ≥ 1, x ≠ 3
```

Ɓangaren hagu miƙaƙƙen layi ne mai hawa. Yana bi ta (−4, −6) da (0, −2), amma a (−2, −4) sai ka zana farar da'ira, sannan ka ɗiga baƙin ɗigo can sama a (−2, 1). Layin ya ci gaba har (1, −1), a nan ma ya ƙare da farar da'ira. Ɓangare na biyu ya fara da baƙin ɗigo a (1, 2), ya bi ta (2, 4) da (2.5, 8), ya miƙe sama yana matsowa ga x = 3. Ja layin tsaye mai gutsi-gutsi a x = 3, shi ne asimtot, wato layin da giraf ke matsowa gare shi yana miƙewa sama ko ƙasa ba iyaka. A dama da wannan layi giraf ɗin yana fitowa ne daga can ƙasa, ya bi ta (4, −4), (5, −2) da (7, −1). Wurare uku ke nan masu matsala: −2, 1 da 3.

Huda a x = −2

Rufe x = −2 da fensir. Ta hagu layin yana hawowa: a x = −2.1 ƙimar y ita ce −4.1, a −2.01 kuma −4.01. Ta dama yana gangarowa: a −1.9 y na −3.9, a −1.99 kuma −3.99. Yatsun biyu suna shirin haɗuwa a −4. Tunda hagu da dama sun yarda da juna, limit ɗin f a −2 shi ne −4.

Yanzu ɗaga fensirin. A −4 ɗin farar da'ira ce, baƙin ɗigon yana can a 1. Saboda haka f(−2) = 1, limit kuma −4, kuma babu wani saɓani a nan, tambayoyi biyu ne da amsoshi biyu. Da za a goge baƙin ɗigon gaba ɗaya, f(−2) zai zama babu shi, amma limit yana nan a −4. Da za a mayar da ɗigon zuwa 100, limit bai motsa ba. Da kuma za a sauko da shi ya cike hudar, nan ma −4 ne, sai dai a lokacin giraf ɗin ya ɗinke, ana iya bin sa ba tare da ɗaga fensir ba. Wannan ne ya sa huda ta fi sauran matsalolin sauƙi: ɗigo ɗaya ke gyara ta.

Akwai wani tarko a nan da ya shafi alama. Ƙaramar alamar debewa da ke saman lamba ba ta nufin lambar ƙasa da sifili take, tana nufin an taho ta hagu ne kawai. Ita ma alamar tarawa dama take nufi. Don haka x→−2⁺ na nufin ana matsowa ga −2 ta dama, ta lambobi irin su −1.9 da −1.99. Ɗalibi yakan ga −2.1 ya ɗauka ta fi −2 girma saboda 2.1 ta fi 2, sai ya sa ta a dama. A hagu take. A kan huda wannan ruɗani ba ya jawo asara tunda ɓangarorin biyu amsarsu ɗaya, amma ranar da tsalle ya faɗo a kan lambar da ke ƙasa da sifili, amsoshin biyu za su juye.

Tsalle a x = 1

A nan layin ya yanke a wani mataki, ya sake farawa a wani. Ta hagu miƙaƙƙen layin yana ba da −1.1 a x = 0.9, da −1.01 a 0.99, wato ya dosa −1. Ta dama lanƙwasasshen layin yana ba da 4/1.9, kusan 2.105, a x = 1.1, sannan 4/1.99, kusan 2.01, a 1.01, wato ya dosa 2.

```
lim x→1⁻ f(x) = −1
lim x→1⁺ f(x) = 2
f(1) = 2
```

Kowane ɓangare yana da limit ɗinsa, amma ba su haɗu ba, don haka lim x→1 f(x) babu shi. A littattafai da takardun jarrabawa na Turanci akan taƙaita wannan da DNE. Idan kana rubuta amsa kada ka tsaya a nan, ƙara dalilin: babu limit saboda hagu ya dosa −1, dama ya dosa 2.

Amsoshin kuskure biyu ne ke yawan fitowa. Ta farko ita ce 2, domin baƙin ɗigon yana wurin kuma layin dama ya manne da shi, sai ido ya ce ai wannan ne na gaskiya. To amma baƙin ɗigo ba ya ba ɓangarensa rinjaye. Abin da ya gaya maka kawai shi ne f(1) = 2, kuma da an sauya aka cike da'irar ƙasa aka buɗe ta sama, f(1) zai koma −1, limit ɗin hagu da na dama kuwa ba abin da zai taɓa su. Amsa ta biyu ita ce a raba tsakiya, a haɗa −1 da 2 a raba biyu a ce 0.5. Babu lokacin da giraf ɗin ya dosa 0.5 ta kowane gefe. Girman tsallen ma ba shi da tasiri a hukuncin: a nan tazarar 3 ce, amma ko da 0.001 ce, muddin ɓangarorin ba su haɗu ba, limit babu.

Kada a haɗa tsalle da kwana. Giraf ɗin |x| yana da kaifin kwana a sifili, amma layukan biyu sun haɗu a wuri ɗaya, limit ɗinsa 0 ne lafiya lau. Wanda ya yi tsalle a sifili shi ne |x|/x, mai zama −1 a duk hagu da 1 a duk dama.

Asimtot na tsaye a x = 3

Wannan ne ya fi buƙatar natsuwa, saboda a nan rubutun lissafi yana faɗin abu ɗaya, ma'anarsa kuma ta ɗan bambanta da yadda ake zato.

Bi layin ta hagu. A 2.9 y na 40, a 2.99 na 400, a 2.999 na 4000. Duk lokacin da ka rage tazarar da ke tsakaninka da 3 sau goma, y na ninkawa sau goma. Babu lambar da zai zauna kusa da ita, kowace lamba ka ambata, komai girmanta, zai wuce ta idan aka matso sosai. Ta dama haka abin yake amma ƙasa ya nufa: −40 a 3.1, −400 a 3.01. Dalilin juyewar alamar a bayyane yake a cikin 3 − x. Kafin 3 wannan ɗan ƙaramin abu ne sama da sifili, bayan 3 kuma ɗan ƙarami ne ƙasa da sifili, kuma raba 4 da ƙaramin abu yana haifar da babban abu mai irin alamarsa.

```
lim x→3⁻ f(x) = +∞
lim x→3⁺ f(x) = −∞
```

Alamar ∞ ba lamba ba ce. Idan aka rubuta cewa limit ya zama +∞, ba ana cewa an sami wata lamba da giraf ya isa gare ta ba. Ana cewa ne limit bai samu ba, sannan ana bayyana ta yadda ya kasa samuwa: y na ta hawa ba tsayawa. Shi ya sa rubuta +∞ ya fi rubuta "babu" kawai amfani, ya ƙunshi ƙarin bayani. Amma ana iya yin hakan ga limit na ɓangarori biyu ne kawai idan duka biyun hanya ɗaya suka bi. A namu giraf ɗin ɗaya ya yi sama ɗaya ya yi ƙasa, saboda haka lim x→3 f(x) babu shi, kuma ba +∞ ba ne, ba −∞ ba ne. Ba kuma sifili ba ne, ko da yake wasu kan yi tunanin cewa na sama da na ƙasa za su cinye juna.

Gwada shi da 4/(x − 3)². A 2.9 yana ba da 400, a 3.1 ma 400, domin ninka lamba da kanta yana shafe alamar debewa. Ɓangarorin biyu sun miƙe sama kafaɗa da kafaɗa, don haka ana rubuta lim x→3 4/(x − 3)² = +∞. Idan tambaya ta ce "shin akwai limit?", amsar ita ce babu shi a matsayin lamba, sai ka ƙara da cewa ɓangarorin biyu sun nufi +∞. Malamai sun bambanta a kan gajeriyar amsar da suke so a gani, amma wanda ya rubuta halin kowane ɓangare daban ya ba da duk abin da ake nema.

Ɓangare ɗaya ma ya isa ya sa a kira wuri asimtot. Fankshan ɗin ln x ba shi da giraf a hagu da sifili, amma ta dama yana faɗawa −∞, kuma x = 0 asimtot ne. A giraf mai gunduwa-gunduwa kana iya samun hagu ya ƙare a farar da'ira a y = 5, dama kuma ya yi sama ba iyaka. Sai ka rubuta 5 ga hagu, +∞ ga dama, limit na gaba ɗaya babu. Mai tsara tambaya yana iya ɗiga baƙin ɗigo a kan layin asimtot ɗin kansa don ya ruɗa ka. Wannan ɗigo f(a) ne, fensirinka ya riga ya rufe shi. A namu misalin ba a sa ba, saboda haka f(3) babu shi.

Huda ce ko asimtot?

Idan an ba ka fomula tare da giraf, za ka iya tabbatar da abin da ido ya gani. Duka huda da asimtot sukan fito ne inda na ƙasa a cikin rabawa ya zama sifili, abin da ke bambanta su shi ne halin na sama a wurin. Duba wannan:

```
g(x) = (x² − 1)/(x² − 3x + 2)
     = (x − 1)(x + 1) / ((x − 1)(x − 2))
```

Na ƙasa yana zama sifili a 1 da kuma 2. A x = 2 na sama 3 ne. Lambar da ba sifili ba a kan sifili, a irin wannan rabawa, alamar asimtot ce, kuma gwaji ya tabbatar: −299 a 1.99, 301 a 2.01, wato −∞ ta hagu, +∞ ta dama. A x = 1 kuwa sama da ƙasa duk sifili ne. Wannan 0/0 ba amsa ba ce, yana gaya maka ne cewa da sauran aiki. Soke x − 1 sama da ƙasa, ya rage (x + 1)/(x − 2), ka sa 1 ka sami 2/(−1), wato −2. Huda ce a (1, −2), kuma lambobin kusa sun nuna haka: kusan −1.97 a 0.99, kusan −2.03 a 1.01.

Sai dai kada ka haddace cewa duk inda aka soke abu huda ce. A (x − 1)/(x − 1)² ma 0/0 ake samu a 1, ana kuma soke x − 1 guda ɗaya, amma abin da ya rage 1/(x − 1) ne, har yanzu na ƙasa sifili ne. Asimtot ne. Bayan sokewa a ko da yaushe ka sake duba na ƙasa.

Inda zanen ke yaudara

Giraf ɗin da aka zana a littafi an tsara shi ne don a karanta, an sa da'ira da ɗigo da gutsattsarin layi a inda suka dace. Wanda na'ura ta zana daga fomula ba haka yake ba. Na'urar tana lissafa y a wasu wurare ne ta haɗa su da layi. Huda ba ta da faɗi, ɗigo ɗaya ce tak, don haka yawanci ba ta bayyana: za ka shigar da g(x) ɗin da ke sama ka ga layi sumul ya ratsa ta x = 1. Wannan bai ɓata karatun limit ba, −2 ɗin ne dai, amma zai sa ka ce g(1) = −2 alhali babu shi. Wasu kalkuletocin zane kuma sukan haɗa ɗigon ƙarshe na can sama da na farko na can ƙasa, sai wani layi kusan a tsaye ya bayyana a wurin asimtot ko tsalle. Wannan layi ba na giraf ba ne, kada yatsanka ya bi shi.

Girman tagar da kake kallo ma yana iya ƙirƙiro asimtot ɗin ƙarya. Zana 1/(x² + 0.01) a tagar da y ya tsaya a 10, za ka ga ɓangarori biyu sun miƙe sun fice ta sama a kusa da sifili, ba ka bambanta shi da 1/x². Amma na ƙasa ba ya taɓa zama sifili, mafi ƙanƙantarsa 0.01 ne, don haka giraf ɗin yana hawa zuwa 100 ya juyo. Limit ɗinsa a sifili 100 ne cif. Lambobi na tona wannan da wuri: a 0.1 y na 50, a 0.01 kusan 99, a 0.001 kusan 99.99. Hawan ya lafa. Asimtot na gaskiya ba ya lafawa, kamar yadda muka gani 40, 400, 4000.

Ido kuma yana da iyakarsa wajen ƙima. Idan farar da'ira ta faɗo tsakanin layin 1 da na 2, zane ba zai gaya maka ko 1.4 ce ko √2 ba, sai fomula. Kafin ka ƙirga gidajen murabba'i, duba ma'aunin layin y, domin gida ɗaya yana iya zama 2 ko 0.5, kuma ba dole ba ne ya yi daidai da na layin x.

Wuraren da giraf ya ƙare su ma suna da nasu hukunci. Giraf ɗin √x daga sifili ya fara, babu komai a hagunsa, don haka limit ɗin dama ne kawai ake karantawa, kuma 0 ne. Littattafai sun sha bamban kan ko a ce akwai limit na gaba ɗaya a irin wannan baki, saboda haka rubuta shi da alamar dama a fili, x→0⁺. Akwai kuma wata hanya da limit ke kasa samuwa wadda ba tsalle ba ce, ba asimtot ba. Giraf ɗin sin(1/x) yana kai-komo tsakanin −1 da 1, kuma yana ƙara sauri yayin da x ke matsowa ga sifili, har zanen ya cunkushe ya zama baƙi ƙirin a kusa da layin y. Bai yi sama ba iyaka ba, don haka ba a rubuta ∞, bai kuma zauna kusa da lamba ɗaya ba, ko ta hagu ko ta dama. A nan hatta limit na ɓangare ɗaya babu shi.